Ƙaramar amfilifaya da sifika: abin dubawa kafin a biya kuɗi

A bayan kowace sifika, jikin maganaɗisunta ko kusa da mahaɗar waya, akwai lamba: 4Ω, 8Ω, wani lokaci 16Ω. Om ke nan, ma'aunin yadda sifikar ke tare wuta. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon wutar da za ta zuƙa daga amfilifaya, kuma wannan zuƙar ce ke haifar da zafi. Wannan lamba ta fi wat ɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali muhimmanci. In ta goge, a cire wayoyin sifikar a auna da mitar auna om: mai om 8 takan nuna tsakanin 5.5 da 7, mai om 4 kuwa wajen 3 zuwa 3.5.

Ƙananan amfilifayoyin da aka fi samu a kasuwa kashi biyu ne. Akwai masu IC mai lamba TDA7297, masu araha, wat 15 a kowane ɓangare na hagu da dama, waɗanda aka ƙera don sifika mai om 8. Kaso mai yawa na wutar da suke sha zafi yake zama, don haka idan aka jona musu mai om 4 aka ƙure murya, ƙarfen sanyayawarsu yakan yi zafin da ba ya taɓuwa. Sai masu TPA3116D2, da ke ɗaukar om 4 ko 8, ba sa ɓarnar wuta sosai, suna aiki daga bolt 12 na batir har zuwa 24. Ga mai shago ko makarantar Islamiyya da ke dogaro da batirin sola, wannan ta biyun ta cancanci ƙarin kuɗin, ballantana a zafin Afrilu da kan haura digiri 40.

Sai dai wat 50 da ake rubuta mata ba a bolt 12 ba ne. Sai an ba ta kimanin bolt 21 da sifika mai om 4. A batirin bolt 12, iyakar sauti mai tsabta da za ta tura wa sifika bai wuce bolt 8.5 ba. Lissafin kuwa `W = V × V ÷ Ω` ne: wat 18 a om 4, wat 9 a om 8. Idan aka koma cajar laftof mai bolt 19, iyakar takan kai kimanin bolt 13.4, sai mai om 8 ta sami kusan wat 22, mai om 4 kusan 45. Saboda haka mai batir ya sayi sifika mai om 4, mai cajar bolt 19 ko 24 kuwa om 8 ta ishe shi, amfilifayar ma ta fi samun sauƙi. In om 4 ɗin zai sa a ɓangarorin biyu, cajar kada ta gaza amfiya 4.7.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ƙara sifika. Mutum yana da biyu masu om 4, ya murɗe jajayen wayoyi wuri ɗaya, baƙaƙe wuri ɗaya, ya jona su a ɓangare guda. Sun koma om 2, wutar da ake zuƙa a batirin bolt 12 ta ninka daga amfiya 2 zuwa sama da 4. Alamar ita ce sauti ya riƙa yankewa yana dawowa da zarar an ƙara murya, domin amfilifayar tana kashe kanta ne kada ta ƙone. Masu om 8 biyu ne ke jure wannan haɗin, suna ba da om 4. Masu om 4 a jere ake haɗa su: `+` na amfilifaya zuwa `+` na farko, `−` na farko zuwa `+` na biyu, `−` na biyu ya koma amfilifaya. Sun zama om 8. Kuma kada a taɓa haɗe `−` na hagu da na dama, domin a waɗannan amfilifayoyi duka wayoyin biyu na ɗauke da wuta.

Wajen wat ɗin sifika, a nemi wanda aka rubuta RMS, wato ƙarfin da take jurewa a kai a kai, a yi watsi da PMPO, lambar talla ce. Sifika mai wat 30 zuwa 50 RMS ta dace da wat 18 zuwa 22. Amma kada a ɗauka ƙaramar amfilifaya ba ta ƙona babbar sifika. Idan aka matsa mata fiye da ƙarfinta, sautin yakan dishe, ya yi kaushi, kuma wannan gurɓataccen sauti yana tura ƙarin wuta cikin tuwita, ƙaramar sifikar nan mai siririn koyil, har ta mutu. Wanda yake neman ƙara, gara ya duba lambar dB, ma'aunin ƙarar da sifika ke yi: sifika mai 91 dB tana yin ƙarar mai 88 dB da rabin wutar.

Kafin a bar shagon, a sa mai sayarwa ya jona kayan da irin wutar da za a yi aiki da ita, a bar su minti 15 a muryar da ake bukata, sannan a ɗora yatsa kan ƙarfen sanyayawa. In ba a iya riƙewa na daƙiƙa 5 ba, a nemi sifika mai om mafi yawa ko amfilifaya mai faffaɗan ƙarfe da fanka.