Sharhi kan inshorar gida ta tsarin sake gini: kuɗin da dillali ya faɗa ba shi ake rubutawa ba

Na yi amfani da wannan tsarin wajen yi wa wani gida mai ɗakuna huɗu inshora a Tudun Jukun, kuma hukuncina a taƙaice shi ne tsarin yana da kyau, amma yadda ake sayar da shi yana jefa mutane cikin asara. Matsalar duk tana cikin layi ɗaya na fom, wurin da aka rubuta `Sum Insured`, wato iyakar kuɗin da kamfani zai biya. Wakilin da ya kawo fom ɗin tambaya ɗaya ya yi: "Alhaji, nawa gidan zai yi?" A Zariya kuwa, duk wanda ka yi wa wannan tambaya, kuɗin da dillali zai yi wa gidan zai faɗa maka. Wannan adadi ba shi da alaƙa da abin da takardar ke nufi.

Akwai hanya biyu da ake biyan diyyar gini, ko a kamfanin inshora ko a na takaful. Ta farko, wadda za ka gani a takarda da sunan `Indemnity`, ana mayar da kai inda kake kafin gobara ne, saboda haka ana cire tsufa. Idan sabon rufi zai ci naira miliyan 9, naka kuma ya shekara ashirin yana shan rana da ruwa har mai tantance asara ya ce ya ci kashi 40 cikin ɗari na ƙarfinsa, miliyan 5.4 za a ba ka, kai ka nemo ciko. Ta biyu ita ce `Reinstatement`, tsarin sake gini, inda ake biyan kuɗin maido da abin sabo ba tare da cire tsufa ba, muddin bai fi na da girma ko tsada ba. Ita na zaɓa, kuma ita zan ba kowa shawara, domin babu kafintan da zai sayar maka da tsohon kwano mai shekara ashirin a rabin kuɗi ya ɗora maka. Sai dai tunda sabo za a biya ka, dole adadin da ka rubuta ya zama kuɗin gina gidan gaba ɗaya sabo, daga fandisho har fenti.

Kuɗin kasuwa ya haɗa abubuwan da wuta ba ta ci: fili, unguwa, kusanci da titi, takardar mallaka, har da ko maƙwabta mutanen kirki ne. Kuɗin sake gini kuwa bulo ne da siminti da rodi da katako da ladan magina. Buhun siminti bai san bambancin GRA da Gyallesu ba. Shi ya sa kuskuren yake zuwa ta fuska biyu. Tsohon gida a GRA mai faffaɗan fili, a ce kasuwa ta yi masa miliyan 150, ginin da ke kai kuma miliyan 70 zai maido da shi. Wanda ya rubuta 150 yana biyan kuɗin inshora a kan miliyan 80 da ba za a taɓa ba shi ko sisi daga ciki ba, don kamfani ba ya biyan fiye da abin da aka kashe wajen gini. Wannan ɓarnar kuɗi ce kawai, ba ta kashe mutum.

Wadda ke kayar da mai gida ita ce ɗaya fuskar, kuma ita ta fi yawa a unguwanninmu. A wuraren da fili ba shi da tsada sosai, gidan da aka gina shekara goma sha biyar baya sau da yawa ba ya sayuwa a kuɗin da zai gina irinsa yau. Tun bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabi, siminti ya ninka cikin kusan shekara guda, amma kuɗin tsofaffin gidaje bai bi su da wannan gudun ba, don mai saye ba shi da kuɗin.

Ga yadda lissafin gidan Tudun Jukun ya kasance. Dillalai sun yi masa miliyan 45, har da filin. Da aka auna ginin da tef daga bango na waje zuwa bango na waje, ya ba da murabba'in mita 180. An ɗauki naira 300,000 a kan kowace mita, gwargwadon irin aikinsa: bulo mai inci tara, dogon kwano na alminiyam, tayil a ko'ina, tagogin alminiyam da ƙarfen kariya. Wannan ƙimar ta wannan gidan ce a lokacin da aka yi lissafin, kada wani ya kwafa, a nemi masanin ƙididdigar kuɗin gini ya fitar da ta yau. Ginin kansa ya tashi miliyan 54. Katanga da get da sokawe da hasumiyar tanki da daɓen tsakar gida suka ƙara miliyan 6, ya zama 60.

Yawancin mutane a nan suke tsayawa, alhali akwai saura. Kafin a ɗora bulo ɗaya sai an rushe bangon da wuta ta dafa, an kwashe ɓaraguzai da tifa, aka sa wa wannan miliyan 2. Sai ladan mai zane da injiniya da mai ƙididdiga, da kuɗin neman izinin gini a KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, aka ƙiyasta su kashi 10 cikin ɗari na miliyan 60, wato miliyan 6. Jimla miliyan 68. Waɗannan biyun, kwashe ɓaraguzai da ladan masana, a tabbatar an ambace su a cikin takardar da sunansu, domin idan ba a rubuta ba, ana iya cewa ba sa ciki.

Abu na ƙarshe shi ne tanadin hauhawar farashi, kuma shi ne mutane suka fi yi wa gardama. A tsarin sake gini, ba da farashin ranar da ka sa hannu ake auna ka ba, da farashin lokacin da ake maido da ginin ake aunawa. Idan ka sa hannu a watan Janairu, wuta ta tashi a Disamba lokacin hunturu, tantancewa da izini suka ci wata uku, gini ya ci wata takwas, to kusan shekara biyu ke nan tsakanin lissafinka da buhun simintin ƙarshe. An ƙara kashi 25 cikin ɗari, miliyan 17, adadin ya tsaya a miliyan 85. Gidan da ba zai sayu sama da 45 ba. Duk wanda ya ji wannan karon farko sai ya ce ana so a cuce shi ne.

To me zai faru da wanda ya rubuta 45? Mutane suna ɗauka cewa tunda da wuya gida ya ƙone ƙurmus, miliyan 45 ta isa kowace ɓarna da za ta faru. A nan sharaɗin da ake kira `Average` yake shigowa, kuma yana can cikin ƙananan rubutu. Ma'anarsa, idan ka yi wa kashi 60 na gidanka inshora, to kai ne ka ɗauki nauyin sauran kashi 40 a kowace asara, ƙarama ko babba. Lissafin shi ne:

```
diyya = asara × (adadin da ka rubuta ÷ kuɗin sake gina gidan duka)
```

A ce wayar wuta ta haɗu a cikin silin, rufi da silin da wayarin da fentin ɗakuna uku suka tafi, gyara ya kama miliyan 20. Mai tantance asara ba ɓarnar kaɗai zai auna ba, zai lissafa gidan gaba ɗaya, a ce ya samu miliyan 75 a farashin lokacin. 45 cikin 75 kashi 60 ne, saboda haka miliyan 12 za a biya, a kuma cire ɗan kason farko da takarda ta ce mai gida ne zai ɗauka. Miliyan 8 ta koma wuyan mai gida, duk da cewa asararsa ba ta kai rabin adadin da ya rubuta ba. Wanda ya rubuta 85 za a biya shi 20 ɗinsa. Bambancin kuɗin shekara tsakanin su biyun, idan aka ɗauki misalin naira 2 a kan kowace 1,000, shi ne 90,000 da 170,000, wato 80,000.

Wasu takardun suna da sassauci: ba a taɓa ka da wannan ragin sai adadinka ya gaza kashi 85 cikin ɗari na kuɗin sake ginin. A misalinmu kashi 85 na miliyan 75 shi ne miliyan 63.75, ka ga wanda ya rubuta 68 ya tsira da ƙyar. Ba kowace takarda ke da shi ba, sai an duba.

Abin da ban ji daɗinsa ba a hidimar shi ne ba wanda ya buɗe baki ya bayyana sharuɗɗan biyan, sai da na zauna na karanta da kaina. Ba a miƙa maka kuɗin sabon gini a dunƙule ka tafi. Abin da ya haura diyyar da aka cire wa tsufa ba ya fitowa sai an ga ka kashe shi a ginin, don haka dole mutum ya sami abin fara aiki, ya kuma adana rasit na kowane rodi da kowace tifar yashi. Dole a fara aikin ba tare da jan ƙafa ba, takardu da yawa suna sa wa'adin wata goma sha biyu na kammala shi. Idan ka fasa ginawa ka ce gara ka karɓi kuɗi ka koma Kaduna, an mayar da kai tsarin cire tsufa. Idan kuma kwanon zinki ne a da, yanzu kana son rufi mai kama da tayil, bambancin daga aljihunka ne. Duk waɗannan ba zalunci ba ne, amma ya kamata a faɗa wa mutum da Hausa kafin ya biya.

A duba kuma ko an haɗa da iska da ambaliya. Takardar gobara zalla ba ta biyan rufin da guguwar farkon damina ta yaye, ga waɗanda ke kusa da kogin Kubanni kuma ruwa ma abin lura ne.

Masu gidajen cikin Birni lissafinsu ya fi wuya. Ginin ƙasa mai azara da soro ba a yi masa ƙimar mita ta ginin bulo, kuma dole a faɗa wa kamfani irin ginin tun farko, in ba haka ba a ranar biya za a ce an ɓoye gaskiya. Gidan gado da aka yi ta ƙara masa ɗakunan siminti a bayan tsohon zaure, gara a raba shi kashi-kashi a takarda, kowane da adadinsa.

Lokacin sabuntawa kamfanin ya turo saƙo da adadin bara yadda yake, ba tambaya ko an ƙara ɗaki, ko an sa sola a kan rufi, ko farashi ya motsa. Kafin a biya, a tambayi kuɗin buhun siminti, tan na rodi mai milimita 12 da mitar kwano a Sabon Gari, a gwada da na ranar da aka yi lissafi. Idan sun cinye tanadin kashi 25 ɗin nan, a rubuta wa kamfani a ɗaga adadin, ko da a tsakiyar shekara ne, za su caji kuɗin watannin da suka rage kawai.