Na sayi darasin tace hira, ga yadda muka kwashe

Wata uku ke nan da na biya kuɗin darasin nan na bidiyo da ake ta yabo, wanda ke koyar da tace fitowar mutum biyu suna magana. Ba zan ce kuɗina sun tafi a banza ba, don darasi na huɗu kaɗai ya gyara min wata fitowa da ta hana ni barci.

Fitowar ta minti biyu da daƙiƙa 40 ce, miji yana gaya wa matarsa an sallame shi daga aiki. Yadda na tace ta da farko, duk wanda ya buɗe baki sai in yanka zuwa fuskarsa, ya rufe baki in koma kan ɗayan. Kallonta kamar kallon ƙwallon tebur, har wuya ya gaji. Malamin ya ce a fara jera sauti tukuna, a rufe ido a saurara, sai hirar ta yi daɗi a kunne sannan a taɓa hoto. Daga nan sai a raba hoto da sauti a matsar da gaɓar hoton kaɗai. A manhajar tace bidiyo ta Premiere ana danna `N` ne, a riƙe `Alt` a ja gaɓar, sautin ya tsaya inda yake.

Na gwada a kan jimlar "An sallame ni daga aiki." Maimakon in bar shi ya ƙarasa, ina jin "sallame ni" sai na koma kan fuskar matar, ragowar maganarsa tana gudana a kanta. Wannan shi ne yankan L, sautin baya ya zarce cikin sabon hoto. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, domin ashe labarin ba a bakinsa yake ba, a idonta yake. Can gaba da ta ce "Tun yaushe?" sai na sa muryarta ta shigo firam 8 kafin a ga fuskarta, wajen sulusin daƙiƙa ke nan a firam 25 cikin daƙiƙa. Shi ne yankan J. Haka mutum yake yi a zahiri, sai ya ji murya sannan ya waiga. Sunayen kuwa daga siffar da gaɓar take yi a kan layin tacewa aka samo su, ba wani abu ba. A daren nan da an ce in ba da tauraro goma da na bayar.

Washegari na sa abin kunne, sai murna ta koma ciki. A ɗaukar matar firiji yana kunne, a ta mijin an kashe shi. Duk inda na yi yankan J sai gunjin firijin ya faɗo kwatsam alhali fuskar mijin ake gani, duk inda sautinta ya ƙare kuma ya ɗauke ɗif kamar an toshe kunne. Darasi goma sha biyu, babu inda malamin nan ya ambaci shirun ɗaki, wato a naɗi daƙiƙa 30 zuwa 60 na wurin kowa ya yi tsit, don a shimfiɗa shi ƙarƙashin hira. Bidiyon da ya ba mu na gwaji tas suke, an riga an wanke musu sauti, to ina za ka ga matsalar? Na aika tambaya, sai bayan kwana tara aka amsa min da "duba darasi na huɗu". Haba malam!

Ni da kaina na lalubo mafita. Na ware wa kowannensu layin sautinsa, na tsinto daƙiƙa huɗu na shiru daga ɗaukar matar kafin ta fara magana, na jera shi ƙarƙashin fitowar gaba ɗaya, don gunji mai ɗorewa kunne mantawa yake da shi, mai zuwa ya tafi ne yake tona asiri. Kowace gaɓa kuma na narkar da ita da firam uku. Dare biyu abin ya ci min.

Batun hoton ratse ma sama-sama ya bi ta kansa: in za ka cire jimla, rufe gurbin da hannu ko wani abu da ke ɗakin. Na bi shawarar, na sa hannun mijin yana juya kofi. Ya rufe tsallen, amma kofin yana hannun dama, a babban hoto kuwa yana hagu, kuma abokina kallo ɗaya ya yi ya gano. Na maye gurbin da fuskar matar tana sauraro, ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Haka nan bai gargaɗe mu ba cewa in hoton ta bayan kafaɗa aka ɗauka, haɓar mai magana tana motsi a gefe, in ka ɗora wata jimla daban za a ga baki da murya sun saɓa.

Tauraro uku na ba shi, biyu daga ciki na darasi na huɗu ne.