Biyan wata-wata ko na shekara da ragi?

"Ina koyar da lissafi ta intanet, ɗalibai suna biyana duk wata. Wasu na neman in yi musu ragi su biya na shekara gaba ɗaya. Wanne ya fi mini?"

Malama, kafin ki yanke shawara, buɗe littafin da kike rubuta masu biya ki duba wata nawa ɗalibi yake yi kafin ya ɓace. Amsar tana can.

Mu ƙaddara 100 ake biya duk wata. Wanda ya zauna shekara cur zai biya 1,200. Ragin da aka fi yi shi ne a yafe wata biyu, a karɓi 1,000, wato kusan kashi 17 cikin ɗari. To idan duk wata ɗalibi ɗaya cikin goma yana janyewa, abin da za ki samu a kan kowane ɗalibi a shekara bai fi 720 ba, kamar kuɗin wata bakwai ke nan. A nan biyan shekara ya yi gaba, duk da ragin.

Sai dai akwai wani abu da wannan lissafin ya ɓoye. Waɗanda suke rige-rigen biyan shekara galibi su ne waɗanda da ma ba su da niyyar tafiya. Mai shakka, wanda zai gudu a wata na uku, ba zai zuba kuɗin shekara ba. Idan sunayen masu neman ragin duk na tsofaffin ɗalibanki ne masu biya a kan lokaci, to 200 kike yafe wa kowannensu ba tare da kin riƙe ko mutum ɗaya sabo ba. Irin wannan, ni wata ɗaya kawai zan yafe.

Biyan wata-wata kuwa amfaninsa a fili yake: shiga ba wuya, kuma duk watan da darasi ya yi sanyi za ki gani a aljihunki nan take. Wahalarsa bin bashi da tunatarwa.

Sannan ki lura, kuɗin shekara amana ce a hannunki, domin ana binki darasin wata goma sha biyu. Idan bidiyo ne da kika riga kika ɗauka, ƙarin ɗalibi ba ya cin lokacinki sosai, ragi ba zai yi ciwo ba. Amma koyarwa kai tsaye awanninki take ci. Na taɓa cinye kuɗin shekara cikin wata uku, sauran wata tara na yi ta koyarwa kamar kyauta, ga kuɗin data na jirana.

Ki rubuta ƙa'idar mayar da kuɗi tun kafin kowa ya biya. Wanda ya fasa bayan wata huɗu, a lissafa masa watannin da ya yi a farashin wata-wata: a cire 400 daga 1,000, a mayar masa da 600. In ba haka ba, kowa zai biya na shekara don ya ci ragi, ya fice lokacin da ya ga dama.