Na biya a daidaita min CV da LinkedIn, sai aka ƙara min muƙamin da ban taɓa riƙewa ba

Wata ƙawata ce ta haɗa ni da mutumin nan mai gyaran CV a Kaduna, ba zan kama suna ba. Ciniki ya faɗa a kan zai gyara CV ɗina, ya kuma daidaita shi da shafina na LinkedIn, bakinsu ya zo ɗaya.

In faɗi gaskiya, farkon aikin ya burge ni. Shi ya gano LinkedIn ɗina na cewa na gama jami'a a 2020, CV kuma 2021. Ashe tun ina ɗaliba na cike gurbin da shekarar da nake sa ran gamawa, sai korona da yajin aikin malaman jami'a na 2020 suka cinye mana shekara, ni kuma ban koma na gyara ba. Ya ce shekarar da ke jikin satifiket ita za a bi a duka biyun. Ya kuma kashe Notify network kafin ya taɓa komai, don kada ogana ya ga sanarwa ya gane ina neman wani aikin. Ranar har addu'a na yi masa.

Sakacina ɗaya: CV na karanta layi-layi, LinkedIn kuwa hoton da ya canza kawai na kalla na ce ya yi kyau.

Bayan sati uku aka kira ni intabiyu. Matar da ke jagoranta ta ajiye takarda biyu a gabanta, CV ɗina da shafina da ta buga. Ta ɗago ta ce, “Malama, a nan kin rubuta M&E Assistant, a can kuma M&E Officer. Wanne ne a takardar ɗaukarki aiki?” Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Assistant ne a takardata, wato mataimakiya a sashen Monitoring and Evaluation, masu bibiya da tantance ayyuka. Ban gama farfaɗowa ba ta nuna min kwanan wata. A CV an raba su yadda suke: bautar ƙasa a ƙungiyar da nake wa aiki daga Nuwamba 2021 zuwa Oktoba 2022, na zauna wata biyu a gida, ƙungiyar ta ɗauke ni Data Clerk a Janairu 2023, aka ƙara min girma zuwa Assistant a Maris 2024. A LinkedIn kuwa ya dunƙule su layi ɗaya, Officer tun Nuwamba 2021 har yau. Wato tun ina sanye da kakin bautar ƙasa nake ofisa! Sai maganar asibitoci. Ni bayanan guda 12 nake tattarawa, haka CV ya ce. Shafin ya ce ina kula da 40, alhali wannan adadin aikin ne gaba ɗaya, mu huɗu muke rabawa.

Da na kira shi, ko a jikinsa. Wai LinkedIn kasuwa ce, masu ɗaukar aiki da Officer suke bincike, sai an ɗan ƙara gishiri. Na ce to me ya sa bai ƙara a CV ba? Ya ce ai shi ake tantancewa. Ka ji fa. Kamar wanda zai tantance ba shi da waya a hannu. Kuma abokan aikina duk suna LinkedIn, da ogana ya leƙa fa?

Da kaina na gyara a daren. Na sauke shafin ta Save to PDF, na buga, na jera shi da CV da takardun ɗaukar aiki da satifiket ɗin bautar ƙasa, ina bi da jan biro. Na raba aikin gida uku ƙarƙashin sunan ƙungiya ɗaya, kowanne da watansa da shekararsa, LinkedIn da kansa yake jera su a nuna ƙarin girman. Watanni biyun nan na bar su a fili, ba wanda ya taɓa tambayata. Kalmomin da yake wa kwaɗayi na sa su a Headline, layin da ke ƙasan sunana, na rubuta fannin, Monitoring and Evaluation, ba muƙami ba. Ba dole jimlolin su zama iri ɗaya ba, shafin ya fi CV tsawo, amma muƙami da wata da adadi ba sa jure bambanci.

Tsarin CV ɗin har yanzu shi nake turawa, ya iya wannan, ba zan tauye shi ba. Amma na roƙi ya mayar min da rabin kuɗina, tunda rabin aikin ni na yi, ya karanta saƙon ya yi shiru. Aikin ma ban samu ba. Fasawod ɗina da na ba shi tuni na canza.