Meta Business Suite ko Buffer: wanne ya dace da mai sayar da atamfa daga gida?

"Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi daga gidana a Tudun Wada, ina tallata su a Instagram da Facebook da WhatsApp, amma ɗora hotuna da amsa saƙonni sun fi ƙarfina. Wasu sun ce in ɗauki Meta Business Suite, wasu kuma Buffer. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. A ganina Meta Business Suite ce ta fi dacewa da ke. Kyauta ce, kuma kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram ne ya yi ta, saboda haka muddin kina da shafin kasuwanci na Facebook, kuma kin mayar da Instagram ɗinki na kasuwanci, za ki iya zama ranar Lahadi ki jera tallan mako guda a sashen Planner, kowanne da ranarsa da lokacinsa. Buffer ta fi ta yawan dandali, domin tana kai talla har TikTok da X, sai dai tsarinta na kyauta ya tsaya a kan shafuka 3, kowane shafi kuma talla 10 kawai zai iya jiran layi. Idan kina fitar da talla 3 a rana, wato 21 a mako, layin zai ƙare a rana ta huɗu, sai ki koma ki cika shi ko ki biya kuɗin wata, wanda da dala ake lissafa shi.

Babban bambancin yana wajen amsa abokan ciniki. Sashen Inbox na Meta Business Suite yana tara saƙonnin Messenger da na Instagram da sharhin da aka rubuta ƙarƙashin hotuna a wuri guda, ta yadda wadda ta rubuta "nawa?" ba za ta ɓace miki ba. Ita Buffer ƙarfinta yana wajen fitar da talla, saƙon sirri kuwa sai kin koma cikin kowace manhaja. In kuma kin zaɓe ta saboda TikTok, ki tabbata agogonta yana kan lokacin Lagos, in ba haka ba tallan yamma zai iya fita ana barci.

Amma a nan Zariya ciniki a WhatsApp yake ƙarewa, don haka WhatsApp Business ce za ta ɗauki rabin aikin. Ki rubuta amsoshin da kike maimaitawa a Quick replies, inda ake ajiye amsa a kira ta da gajeriyar kalma, misali `/farashi` da `/akawun` da `/aike`, wannan na ƙarshe ya ƙunshi kuɗin kai kaya Samaru ko Sabon Gari da na sakawa a mota zuwa Kaduna ko Kano. Away message kuma, wato saƙon da ke fita da kansa idan ba kya kusa, ya faɗi ainihin lokacin da za ki amsa. Ki lura da wani abu da mutane da yawa ba su ankara da shi ba: tallan da aka tsara yana fita ko wayarki a kashe take, domin yana ajiye a wurin kamfanin, amma Away message na buƙatar wayar tana kunne da data. Ranar da aka ɗauke wuta caji ya ƙare, talla zai fita, masu tambaya su zo, babu mai ce musu komai.

Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a zaɓi lokacin talla bisa yawan masu kallo kaɗai. Ki ɗauka kin tsara hoton leshi ya fita ƙarfe 2 na rana, daidai lokacin da kike ɗauko yara daga makaranta kina shirin Islamiyya. Wata ɗaliba daga Kongo ta tambayi farashi, ba ki gani ba sai bayan Isha'i, kafin nan ta saya a wani wuri. Da an sa shi ƙarfe 8:30 na dare, lokacin da kike zaune da wayar a hannu, da an gama magana a take. Alamar wannan matsala ita ce tambayoyi da yawa a Inbox, ciniki kuma kaɗan, sannan tazarar awanni tsakanin tambaya da amsarki.

Matsala ta biyu ita ce kayan da suka ƙare. Idan turmi 2 kaɗai kika ɗauko na wani zane daga Kantin Kwari, kika sayar da su ranar Talata ta Status, tallan da kika tsara wa Alhamis zai fita da su, domin manhajar ba ta san abin da ke cikin ledarki ba. Saboda haka kayan da kike da su da yawa su ne na tsarawa, masu ɗaiɗai kuwa ki ɗora su da hannu, kuma duk dare ki leƙa Planner ki goge tallan abin da ya riga ya tafi.