Hattara da masu cewa za su karɓo muku kuɗin da manhaja ta kasa mayarwa

Jama'ar Maradi, wannan abu ƙanena ya sama makon jiya, kuma na ga yadda aka ɗana tarkon da idona, shi ya sa nake faɗa muku.

Ƙanen nawa tela ne, yana da shago a unguwar Zariya. Ya biya wata manhajar ƙasar waje mai fitar da zanen aikin wuyan riga, kuɗin shekara guda, yuro 29,99. Tun da yuro ɗaya sefa 655,957 ne ba ya motsi, abin ya kama sefa 19.672, da ladan masu kati ya haura jika ashirin. Ba shi da katin banki nasa, don haka ya biya da irin katin nan na wucin gadi da ake buɗewa a waya, a zuba masa kuɗi, bayan ɗan lokaci ya mutu. Manhajar ba ta dace da kekensa ba, ya nemi a mayar masa, suka amince. Bayan kwana goma sai allon ya nuna masa rubutu ja da Ingilishi:

```
Refund failed
```

Mu nan Faransanci muka yi a lakwal, shi ma bai yi nisa ba. Jan rubutu kawai ya gani, ya ce an cinye shi. Cikin fushi ya shiga shafin manhajar a dandalin sada zumunta, ya rubuta ƙorafi a fili, ya ajiye hoton allon da lambar wayarsa. Nan ya yi kuskure, domin akwai masu zaman dirshan a irin waɗannan shafuka suna jiran wanda zai yi kuka.

Kafin La'asar wani ya same shi ta WhatsApp. Hoton da ya sa alamar kamfanin ce, ya fara da Faransanci mai tsabta, da ya ji yaron yana tuntuɓe sai ya koma Hausa. Ya ce shi ne wakilinsu na Afirka ta Yamma. Ya karanto masa lambar sayayyar daidai, har da adadin kuɗin, sai yaron ya saki jiki. Bai tuna ba cewa duk wannan yana jikin hoton da shi da kansa ya baza wa duniya. Mutumin ya ce kuɗin sun maƙale a kan iyaka, sai an biya jika biyar na buɗe dosiye, kuma za a haɗo su a mayar. Ya tura. Sai kuma aka ce ya kawo wani katin da za a zuba kuɗin ciki, lambobinsa 16 duka, da ranar ƙarewarsa, da ukun nan na baya, sannan idan saƙo ya shigo da lambobin sirri ya karanto su.

A nan ne ya zo wurina aron kati. "Yaya, don Allah ara mini naka, minti biyar kawai, mutumin yana jira a layi." Na ce ya miƙo wayar tukuna.

Ku riƙe wannan. Kuɗin da aka biya da kati, ta hanyar da suka fita suke komowa. Kamfanin yana da tarihin cinikin a wurinsa, ba ya bukatar a sake karanta masa komai. Lambobi ukun bayan kati da lambobin sirrin da banki ke turowa, aikinsu fitar da kuɗi ne, ba a shigar da kuɗi da su. Kuma ba a biyan ko dala don a mayar maka da naka. Da na ba shi katina, abin da ke ciki duka za a kwashe, ba jika ashirin ba.

Muka koma allon muka karanta a tsanake. Kalmomin ba su da yawa, kuma bambancinsu shi ne dukan maganar. Idan ka ga `Refund pending`, kuɗin suna hanya, mayarwa ta kati takan ɗauki kwanakin aiki 5 zuwa 10, Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi. Idan ka ga `Refunded` ko `Refund issued`, sun riga sun saki, sauran magana tsakaninka da mai katinka. Shi kuwa `Refund failed` yana nufin sun tura, kuɗin ba su sami wurin sauka ba, suka koma hannunsu. A ƙasan jan rubutun akwai ƙaramin layi mai cewa `card closed`, wato an rufe katin. Katin wucin gadin ne ya mutu kafin kuɗin su iso. Ashe kuɗin suna nan lafiya, ba kan iyaka ba komai.

Adireshin da za a rubuta wa, cikin manhajar muka ɗauko shi, a sashen `Help`, ba daga bakin wani ba, ba daga binciken intanet ba. Ku duba abin da ke bayan alamar @ ya zama sunan shafin kamfanin harafi da harafi. Ɓarayin sukan ƙara harafi ɗaya ko su sauya shi, wanda ke sauri ba zai lura ba. Muka rubuta daga imel ɗin da ya buɗe asusun da shi, domin da shi suke gane mai asusu. Ga abin da muka tura, na sauya lambobin:

```
Subject: Refund failed, order 48213907
Paid EUR 29.99 on 3 March, card ending 4417.
The app shows "Refund failed, card closed".
Please send the refund another way.
Screenshot attached.
```

Iyakarta ke nan. Lambar sayayya a kan take, adadin kuɗin da irin kuɗin da aka biya da su, wato yuro ba sefa ba don kada lissafinsu ya rikice, ranar biya, lambobi huɗu na ƙarshen kati kawai, kalmomin allon kamar yadda suke, sai buƙata guda ɗaya. Sunan wata muka rubuta da haruffa da gangan, saboda 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin Amurkawa 4 ga Maris. Yaron ya so a sa gaisuwa da labarin yadda ya sha wahala kafin ya tara kuɗin, na ce a'a. Mai karanta wasiƙar yana da ɗaruruwa a gabansa, abin da zai nema a na'ura kawai yake so. Wanda bai iya Ingilishi ba ya rubuta da Faransanci mai sauƙi, muddin lambobin da kalmomin allon suna nan za a gane.

Da a ce allon `Refunded` ya nuna amma kuɗin ba su shigo ba, buƙatar za ta sauya: sai a ce su ba da `ARN`, wata doguwar lamba ce da ke bin sawun kuɗin kati, a kai wa banki ya bincika da ita.

Bayan kwana uku amsa ta zo ta imel ɗin, ba kira ba, ba WhatsApp ba. Suka tabbatar kuɗin sun dawo musu, suka ce ya shiga asusunsa cikin manhajar ya zaɓi wata hanyar karɓa. Ladan da masu katin suka cira tun farko bai dawo ba, wannan kam ya tafi.

Jika biyar ɗin ma ba su dawo ba. Mun ɗauki hoton hirar duka da saƙon shaidar turawa kafin mu toshe lambar, muka kai kwamisariya, tun da zamba ta intanet laifi ce a dokar Nijar ta 2019. Mutumin bai daddara ba. Shekaranjiya ya sake kira da wata lambar, yanzu wai shi jami'in da ke ƙwato wa mutane kuɗin da aka damfare su ne, jika uku kawai yake nema na takardu.