Dakatar da biya ko rage shi: wanne za a roƙa a wasiƙa?

"An sallame ni daga aiki, ga rancen banki da nake biya duk wata. In rubuta in roƙi su dakatar da biyan na 'yan watanni, ko in ce su rage?"

Allah ya musanya maka da mafi alheri, ɗan'uwa. Kafin ka ɗauki alƙalami, ka sani cewa yawanci kuɗin ruwa ba ya tsayawa don an dakatar da biya.

A ce saura 600,000 a kanka, ruwan kashi 2 cikin ɗari a wata, wato 12,000. In an dakatar maka na wata uku, ko sisi ba za ka fitar ba, amma idan suna ɗora ruwan a kan uwar kuɗi, bashin zai koma kusan 636,700. Daga nan ko su ƙara adadin biyan wata, ko su tsawaita wa'adi. In kuwa ragi ka roƙa, kana biyan 12,000 ɗin nan kaɗai, bayan wata uku bashin yana nan a 600,000. Masu ba da rance sun fi saurin amincewa da wannan, don sun ga hannunka bai yanke ba.

Shawararmu: in an ba ka kuɗin sallama ko kana da 'yar sana'a, roƙi ragi. In babu abin da ke shigowa, roƙi dakatarwa. Kada kunya ta sa ka yi alkawarin abin da ba za ka iya ba, domin saɓa sabuwar yarjejeniya ya fi ɓata maka suna a wurinsu.

Ko wanne ka zaɓa, wasiƙar ta ƙunshi lambar rancen, ranar da aka sallame ka, da kwafin takardar sallama. "Ku yi mini sassauci har Allah ya hore" ba ta ba jami'in abin da zai sa wa hannu. Rubuta haka: "Ina roƙon a rage biyana zuwa 12,000 na wata uku, daga Maris zuwa Mayu, in koma cikakken biya a Yuni."

Sannan ka tambaye su a rubuce: ruwan zai ci gaba da hawa? Akwai tara? Za a rubuta ka cikin waɗanda suka gaza biya? Kuma watannin da aka ɗage, a ƙarshen wa'adi za a biya su ko a dunƙule da zarar hutun ya ƙare? Wannan ta ƙarshen ita ke kayar da mutane. Duba takardar yarjejeniya ma, wani rancen yana da inshorar rasa aiki.

Aika wasiƙar kafin ranar biya ta zo, ka riƙe shaidar karɓa. Har sai amincewa ta iso a rubuce, tsohon tsari ne ke aiki, kuma in kai tsaye ake cira daga asusunka, za a ci gaba da cira.